Shekara biyun nan taka wata 18 ce, ƙanena

Salamu alaikum Baba Alhaji. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole ta Damagaram, mu uku ne wajen mahaifiyarmu, ni ne babba. Mun yi niyyar kai Inna Makka ba wannan hajjin mai zuwa ba, na bayansa, ni zan raka ta don ƙafarta na damunta. Muna da sefa miliyon 1 da jikka 200 a hannu da raguna 4 a gida, kuma mun shirya duk wata mu haɗa jikka 250, ni 120, ƙanena da ke Agadas 100, ƙanwarmu 30. Na buga lissafi wata 24 na ga mun haura miliyon 7. Inna ba ta da fasfo, tsohon katin ɗan ƙasa kawai gare ta. Ya isa ko da gyara? Kuma yaushe ya kamata mu fara takardu?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya cika niyya, ya ba Inna lafiya. Da gyara, kuma gyaran yana cikin wannan 24 ɗin da ka buga. Ba ranar Arfa ake biyan kuɗin kujera ba, ba ma ranar tashin jirgi ba, ana rufe karɓar kuɗi watanni kafin nan saboda hukumar alhazai ta COHO da ajans-ajans sai sun tura kuɗin masauki da tantin Mina da motoci can Saudiya tukun a fara maganar biza, kuma Larabawan nan ƴan shekarun nan kullum ƙara jawo ranakunsu baya suke yi, abin da da ake yi bayan azumi yanzu kafin azumi an gama shi. Sannan ita kanta layya ba ta tsayawa wuri guda, a 2024 an hau Arfa 15 ga Yuni, a 2025 kuwa 5 ga Yuni, duk shekara kwana goma ko sha ɗaya take matsowa. Kai da kake lissafi da kalandar butik ɗinka, shekara biyu ta ci maka wajen sati uku ba ka ma sani ba.

Saboda haka ka ajiye wannan kalanda, ka ƙirga da watan sama. Yanzu alhazai suna dawowa, to watan cika-ciki shi ne wata na ɗaya. Layya mai zuwa wata na 12. Ni idan ni ne, zan sa wa kaina ka'ida cewa kuɗin kujera biyu su cika cif kafin a ga watan azumin tsofaffi na shekara ta biyu, wato ƙarshen wata na 18. Idan an rufe bayan haka alhamdu lillahi kun samu sarari, idan kuma sanarwa ta fito da wuri ba ta same ku kuna rarraba ido ba.

To mu sake bugawa. Jikka 250 sau 18 miliyon 4 da rabi ke nan, ka ɗora abin da ke hannu ya zama miliyon 5 da jikka 700. Ragunan nan huɗu in Allah ya kai su layya lafiya ka ce jikka 150 kowane, kar ka yi zari, jikka 600, an kai miliyon 6 da 300. Daga ciki ka cire wajen jikka 200 na takardu da foto da kuɗin mota da ganin likita, ka cire wajen jikka 100 na zakka, zan dawo kan wannan. Saura miliyon 6. Kujera kuwa a ƙasar nan ƴan shekarun baya-bayan nan tana sama da miliyon 3, kuma ba wanda zai rantse maka a kan ta shekara biyu masu zuwa, don kuɗinmu ɗaure yake da yuro, riyal kuma ɗaure da dala ta Amurka, in dalar ta hau kujera ta hau ko da Saudiya ba ta ƙara ko sisi ba. Ka lissafa miliyon 3 da rabi kowace, biyu miliyon 7. Giɓin miliyon ɗaya ke nan, kuma ba a yi maganar guzuri ba.

Miliyon ɗaya in ka tashi nemansa cikin sati biyu ranar da ajans ta kira ka, filinka za ka sayar a wulaƙance, dillalai suna jin ƙanshin mai gaggawa tun daga bakin ƙofa. In kuwa ka raba shi wata 18 bai kai jikka 60 ba. Ku mai da zubinku 310 tun wannan watan. Yadda za ku raba ƙarin tsakaninku ne, amma ni dai ba zan ɗora wa ƙanwarku ba, mace a gidan miji jikka 30 duk wata ma ta yi ƙoƙari. Kai ne za ka hau kujera ta biyu, kai ya kamata ka ɗauki mafi yawa, kuma ka faɗa da bakinka tun kafin wani ya faɗa a bayan idonka, don na sha ganin irin wannan haɗin gwiwa ya watse a wata na bakwai saboda ƙane ya fara ƙunƙuni wai shi ke biya wa yaya Makka.

Guzuri da hadaya da abin da za ka bar wa iyali kar ka cusa su cikin wannan lissafi, suna da nasu lokaci. Bayan an biya kujera akwai wata huɗu kafin tashi, azumin tsofaffi, Sha'aban, azumi, ƙaramar salla, ku ci gaba da zubi kamar ba a biya komai ba, 310 sau huɗu miliyon 1 da jikka 240. Guzuri jikka 300 kowa, hadaya in ba ta cikin kuɗin kujera ka ware wajen jikka 120 kowa, gida ka bar musu 300 bayan buhun hatsi. Ya shiga amma da ƙyar, don azumi da kayan sallar yara suna tsakiyar watannin nan. Tsaraba kuwa abin da ya rage ne, dabino da zamzam da tasbaha sun wadatar, dardumar da za ka yi dakonta daga Makka akwai irinta a layin ku.

Yanzu takardu, kuma su nake so ka fara kafin ma zubin farko ya shiga. Mutane suna barinsu ƙarshe saboda kuɗinsu kaɗan ne, alhali su ne ba a iya saya da sauri. Gobe da safe ka je wajen Inna ka ce ta buɗe kwallarta ko akwatin ƙarfen nan, ta fiddo duk wata takarda mai sunanta, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardar aure in akwai, har takardun haihuwarku ku ƴaƴanta don sunanta na ciki. Ka shimfiɗa su bisa tabarma ka duba abu uku harafi da harafi, sunanta, sunan mahaifinta, shekarar haihuwa.

Ina faɗa maka haka don ni ya ci ni. Gwaggona da na raka, a gida Dije muke ce mata, katinta an rubuta Hadiza, takardar haihuwar da aka yi mata daga baya an rubuta Hadizatou, mahaifinta a nan Mamane a can Mahamadou, shekara kuma ɗaya 1955 ɗaya 1957. Mu a wajenmu duk mutum ɗaya ce, kowa a unguwa zai shaida. Mai karɓar dosiye ya ɗaga takardun biyu ya kalle ni ya ce Malam waɗannan mata biyu ne, wacce za ta Makka? Ina tsaye riƙe da leda, ita tana zaune a benci tana jan carbi ba ta ma san me ake ciki ba. Wata biyu da kwanaki muka yi muna kai da kawowa kafin a daidaita, kuma da a lokacin rufewa ne da shekarar ta wuce mu.

Takardun nan tsani ne, ba ka taka na sama sai ka taka na ƙasa. Na farko takardar haihuwa. Tsaran Inna da yawa ba a rubuta su a meri ba lokacin da aka haife su, to abin da ake yi shi ne jujuma a gidan shari'a na inda aka haife ta, ba inda take zaune ba, ka lura da wannan, in a wani ƙauyen Mirya ko Magarya ko Matamaye aka haife ta can za ka nufa. Ana zuwa da shaidu biyu da katinsu, kuma ana son manya da za a yarda sun san haihuwarta, ga shi tsaranta kullum raguwa suke, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi sauri. Tunda tana da tsohon kati akwai yiwuwar an taɓa yi mata jujuma, ka nemi lambarsa da shekararsa a ciro kwafi, ya fi a yi sabo, don sabo shi ke haifar da shekara biyu ga mutum ɗaya. Daga nan sai takardar nasiyonalite, ita ma a gidan shari'a, kuma sukan nemi takardar haihuwar uba ko uwa a haɗa, nan ne dosiyen tsofaffi ya fi maƙalewa, ka tambayi magatakarda tun ranar farko abin da yake karɓa idan iyayen sun daɗe da rasuwa. Sai sabon katin ɗan ƙasa a kumsariya da sunan da ya dace da sauran, sannan fasfo. Ka ba wannan duka wata shida na farko. Fasfon shekara 5 yake yi, yin shi da wuri ba asara, kuma wanda ya bari sai lokacin rajista zai tarar da rabin ƙasar a layi. Ka sa kuɗin tafiya Yamai cikin lissafi ko da ba a buƙace ta ba, kilomita wajen 900 ne da tsohuwa mai ciwon ƙafa, ba tafiyar da ake shiryawa dare ɗaya ba ce.

Kai ma ka duba naka, ba ka faɗa mini ko kana da shi ba. Ƴan kasuwarmu da yawa da kati kawai suke shiga Kano su dawo. In kana da shi ka duba ranar mutuwarsa, Saudiya tana son ya rage masa aƙalla wata shida, in zai mutu kusa da tafiya ka sake shi a wata na 12 zuwa 14, kafin rajista, don lambar fasfon da aka shigar da ita da ita za a buga biza.

Inda kuɗin zai zauna kuma, nan ne nake jin tsoronka, ba don ba ka da amana ba, don kai ɗan kasuwa ne. Ranar da kaya suka faɗi a Kano kana da miliyon 3 kwance, zuciya za ta ce maka juya su sau ɗaya ka mayar. Wanda ya yi haka a tsakiyar 2023 ya ga abin da ya gani, naira ta zube, a watan Agusta aka rufe iyaka, kaya suka maƙale watanni. Ku buɗe kont daban a banki, in kuna ƙyamar ruwa akwai bankin Musulunci, a sa hannun mutum biyu, kai da ƙanwarka tunda ita ke gari, ba mai cirewa shi kaɗai. Na Agadas ya turo kai tsaye, duk wata a ɗauki hoton resi a jefa a gurup ɗinku na waya kowa ya gani. A sefa za ku biya, to a sefa za ku ajiye, kar a canza ko dala ɗaya zuwa naira. Adashi ba laifi in kwasarku za ta faɗo kafin wata na 15 kuma uwar adashin kun san ta shekara da shekaru, in kwasar ƙarshe aka ba ku ku bar shi.

Ragunan kuma layya ɗaya tak ke cikin watanninku, ta wata na 12. Wadda ke bayanta kuna Mina insha Allahu. Duk abin da za a sayar a sayar a wannan, kar wani ya ce a bar biyu su ƙara girma, dusa da harawar shekara guda za su cinye ribar. In kana son ka ɗan juya wani abu, abin da na yarda da shi shi ne ka sayi wake da kaka da kuɗin da bai wuce jikka 300 ba, ka zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ƙwari ba sa rayuwa, ka sayar gab da damina, kuma ribar kar ka rubuta ta a lissafi sai ta shigo hannu, akwai shekarar da wake ke tsayawa inda ka saye shi.

Zakkar da na ce zan dawo kanta. Kuɗin hajji muddin suna hannunku ba a biya ajans ba dukiyarku ce, niyyar Makka ba ta ɗauke musu zakka, in sun kai nisabi shekara ta zagayo ana fitar da ɗaya cikin arba'in, jikka 25 a kowane miliyon. Amma ku uku ne, kowa rabonsa ake dubawa a haɗa da sauran dukiyarsa, kai da ke da kaya a butik lissafinka daban da na ƙanwarka, in kuma kun mallaka wa Inna kuɗin ne to hukuncin ya koma kanta. Ka kai wa malaminku wannan da takardar zubi a hannu ya raba muku, ni dai na ware mata wuri don kar ta zo muku ba zato.

Bayan layyar nan ta tsakiya, da kuɗin raguna sun shiga, ku zauna ku uku, na Agadas ko ta waya. In kont ya kai miliyon 5 da jikka 200 kuna kan hanya. In yana wajen miliyon 4 ko ƙasa, to gaskiya kujera biyu ba za ta cika ba sai da bashi, kuma a nan ra'ayina ba kowa zai so shi ba: a biya wa Inna ita kaɗai, kar a ɗaga tafiyar shekara guda don a jira taka. Kai kana da sauran ƙarfi, ita ƙafar nan ba sauƙi za ta ƙara ba. Malamanmu na Malikiyya sun yarda mace ta yi hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga, Saudiya ma ta daina tilasta muharrami, sai dai ka ji ta bakin malaminku kuma ka ji ta bakin Inna kanta. In haka ta kama, tun wata na 13 ka fara neman wata hajiya ƴar unguwa ko ƴar uwa da za ta tafi shekarar, a yi rajista ajans ɗaya, a roƙa a sa su ɗaki ɗaya, a ƙara wa Inna guzuri na masu tura keke a ɗawafi da Safa da Marwa, don kuɗinsu ba wasa ba ne lokacin cunkoso. Abin da ban yarda da shi ba ko kusa, wani ya ce maka ita ta tafi ta hukuma kai ya nemo maka bizar ziyara mai araha ka saje. A 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu saboda zafi, mafi yawansu irin waɗannan ne marasa izini da ba su da tanti ba su da mota, kuma ko ka tsira ba za a bar ka ka shiga tantin da take ba, to rakiyar me ka yi?

Ajans kuwa ka fara bincike wata na 13, kuma wajen da za ka tambaya shi ne alhazan da suka dawo, lokacin da abin bai huce musu ba. Ka je barka da zuwa ka zauna ka sha zamzam ka tambayi abu ƙanana, minti nawa daga masauki zuwa Harami da ƙafa, mutum nawa a ɗaki, lif yana aiki, abinci sau nawa, wa ya kula da tsofaffi ranar jifa. Ƙasarmu kujerunta ba su cika dubu 16 ba kuma ajans suna da yawa, kowace shekara COHO tana fitar da sunayen waɗanda ta amince da su, ka ga sunan a jerin wannan shekarar da idonka, na bara ba hujja ba ne. Ka tambaya hadaya tana ciki ko babu, jirgi daga ina zai tashi, in daga Yamai ne wa ke biyan mota da kwanan jira, in mutum ya fasa don rashin lafiya nawa ake mayarwa, a rubuta. Kuɗi ta banki da sunan ajans da resi mai hatimi da sunan Inna daidai yadda yake a fasfo. Ɗan kamasho ko liman ne ya gabatar da shi kar ka damƙa masa miliyon a hannu.

Likita sau biyu. Na farko yanzu, cikin wata uku na farko, a auna hawan jini da suga, a duba ƙafar a san ko sanyin ƙashi ne ko wani abu, don magani yana son lokaci, kuma Saudiya tana hana masu wasu cututtuka masu nauyi kamar wanda ake wa wankin ƙoda ko mai ciwon zuciya da ya yi tsanani, gara a sani kafin a biya. Ta fara tattaki kullum bayan asuba ko daga gida zuwa bakin titi ne, ana ƙarawa sannu. Na biyu allurai. Ta shawara sau ɗaya ce a rayuwa, in ta taɓa yi kuma karne ɗin mai ruwan ɗorawa yana nan shi ke nan. Ta sanƙarau dole ce, aƙalla kwana 10 kafin shiga Saudiya, kuma tana da wa'adi, wata iri shekara 3 wata shekara 5, saboda haka kar ka yi gaggawarta yanzu, ka bari sai an yi rajista a yi ta inda hukuma ta ce don hatimin ya karɓu. Karne ɗin da fasfo da resi ka yi musu kwafi bibbiyu, ɗaya wajen ƙanwarka, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Wannan satin dai aikinka biyu ne, kwallar Inna da kiran na Agadas a kan jikka 60 ɗin nan. In ka shimfiɗa takardun ka ga sunaye sun saɓa, ka sake rubuto mini yadda kowace ta ce da inda aka haife ta, sai mu ga wacce za a bi a gyara sauran. Ka gaishe ta, ka ce ta sa mu a addu'a.